Newmont a 2023: rarar dala 510 a kowace oza, amma ina kuɗin suka shiga?

A watan Fabrairun 2024 kamfanin Newmont, wanda ya fi kowane kamfani haƙo zinariya a duniya, ya fitar da lissafinsa na shekarar 2023. Ya haƙo oza miliyan 5.5. Ya sayar da kowace oza a kan dala 1,954 idan aka daidaita farashin shekarar. Kuɗin da ya ce kowace oza ta ci masa, a ma'aunin da ake rubutawa AISC a rahotannin kamfanoni, dala 1,444 ne. Duk wanda ya iya ɗebewa zai ga rarar dala 510 a kan kowace oza, kuma idan ya ninka da oza miliyan 5.5 zai samu wajen dala biliyan 2.8. Ga wanda ya saba lissafi da giram, oza ɗaya ta zinariya giram 31.1 ce, wato an sayar da giram a kan kusan dala 63, ya ci dala 46 da ɗoriya, an tsira da dala 16.

To amma a cikin wannan rahoton dai, tsabar kuɗin da ta saura a hannun kamfanin bayan ya biya ayyukansa da gine-ginensa dala miliyan 88 ce kacal. A littafi kuwa ba ma riba aka rubuta ba, asarar dala biliyan 2.5 aka rubuta. Babu ƙarya a ɗaya daga cikin lambobin nan uku. Kowacce tambayar da take amsawa daban, kuma mai karatu da ya ɗauki dala 510 a matsayin riba ya ɗora wa lambar kayan da ba nata ba.

Abin da ke cikin buhun

Cikakken sunan ma'aunin shi ne all-in sustaining cost, wato jimillar kuɗin haƙa da na riƙe aiki, kuma bai daɗe ba. Ƙungiyar World Gold Council, wadda manyan kamfanonin haƙar zinariya suka kafa, ita ta fito da shi a watan Yunin 2013. Kafin nan abin da kamfanoni ke shela shi ne kuɗin aiki tsura: albashi, man dizal, lantarki, nakiya, sinadarin sayanayid da ake narkar da zinariya daga garin dutse da shi, da makamantansu. A 2012 zinariya tana sama da dala 1,600, manyan kamfanoni kuma suna cewa oza tana cin su dala 600 ko 700. Masu hannun jari suka riƙa tambayar inda dala dubun da ke tsakani take zuwa, tunda ba sa ganin ta a rabon riba. Gwamnatoci da ƙungiyoyin ƙwadago su ma suka ga rara mai tsoka, suka nemi nasu kason. Da farashi ya rikito a watan Afrilun 2013, kusan kashi 13 cikin ɗari a kwana biyu na ciniki, sai asiri ya tonu: kamfanonin da ake zaton suna da faɗin wuri suka fara rufe ramuka da sallamar ma'aikata. Sabon ma'aunin ya zo ne ya cike wannan giɓi.

A lissafin Newmont na 2023, kuɗin aiki tsura dala 1,050 ne a kowace oza, har da kason da gwamnatoci ke karɓa a kan zinariyar da aka sayar. Sauran dala 394 da suka kai shi 1,444 su ne abin da sabon ma'aunin ya ƙaro. Mafi girma a cikinsu jarin riƙe aiki ne: sauya manyan motocin ɗaukar dutse idan sun tsufa, ƙara wa madatsar laka tsawo domin ta ci gaba da karɓar dusar da injin ke fitarwa, tona sababbin hanyoyi a ƙarƙashin ƙasa don a kai ga dutsen baɗi, yaye ƙasar banza da ta rufe jijiyar zinariya. Sai kuɗin hedikwata, sai binciken da ake yi a gefen ramin da ake aiki a cikinsa, sai wani kaso na kuɗin gyaran wurin bayan an tashi.

Mai motar haya ya san wannan bambanci ba tare da an koya masa ba. Mai da kuɗin direba da na kamasho su ne kuɗin aiki. Taya da juyen baƙin mai da saukar da inji idan lokacinsa ya yi su ne jarin riƙe aiki, kuma wanda bai ware musu komai ba, abin da yake ci a matsayin riba motarsa ce yake ci. Amma kuɗin da ya sayi motar, da bashin da ya ciwo don sayenta, da kuɗin wadda zai saya ranar da wannan ta kwanta gaba ɗaya, duk ba sa cikin wannan lissafin. AISC a nan ya tsaya shi ma.

Daga biliyan 2.8 zuwa miliyan 88

Abu na farko da ya cinye rarar shi ne gina sababbin ayyuka, wanda ya lashe wajen dala biliyan 1 a shekarar. Jimillar jarin da kamfanin ya zuba a gine-gine da injuna a 2023 dala biliyan 2.7 ce, kuma ɓangaren riƙe aiki kaɗai ya shiga AISC. Ragowar an rubuta shi a matsayin jarin bunƙasa, wanda ƙa'idar ta yarda a bar shi a waje.

A nan ne, a ganina, duk maganar take, don haka bari mu tsaya a kan ayyuka biyu.

Na farko Ahafo North ne a ƙasar Gana, kusa da Sunyani, arewa da tsohuwar mahaƙar Ahafo da kamfanin ke aiki a cikinta tun 2006. An amince da aikin a watan Yulin 2021 a kan ƙiyasin dala miliyan 750 zuwa 850, daga baya ƙiyasin ya hau zuwa miliyan 950 zuwa 1,050. Abin da aka ce za a samu shi ne oza miliyan uku da ɗoriya cikin shekara 13 na farko. A raba dala biliyan 1 a kan oza miliyan uku da wani abu, za a ga kowace oza ta riga ta ci kusan dala 300 tun kafin a fasa dutsen farko. Wannan dala 300 ba za ta taɓa bayyana a AISC na Ahafo North ba, ko a shekarun gini ko a shekarun haƙa. A lokacin gini an ce jarin bunƙasa ce, a lokacin haƙa kuma an ce an riga an kashe ta. Mai karatu zai ga mahaƙa mai araha, kuma da gaske mai araha ce wajen gudanarwa, sai dai ba kyauta aka same ta ba.

Na biyu ya fi wannan ɗaure kai. Tanami tsohuwar mahaƙa ce ta ƙarƙashin ƙasa a cikin hamadar arewacin Ostireliya. Aiki ya yi zurfi har ɗauko dutse da mota ta karkatacciyar hanya zuwa sama ya zama wahala da tsada, sai aka yanke shawarar tona rijiya miƙaƙƙiya mai zurfin kusan kilomita ɗaya da rabi, a riƙa jawo dutsen da injin ɗagawa. A 2019 an ƙiyasta aikin a kan dala miliyan 700 zuwa 800. Zuwa farkon 2024 ana maganar biliyan 1.7 zuwa 1.8. Shin wannan bunƙasa ce ko riƙe aiki? Ƙa'idar da aka sabunta a 2018 ta ce babban aiki a tsohuwar mahaƙa zai iya fita daga AISC idan zai ƙara aƙalla kashi 10 cikin ɗari a yawan haƙa, ko a darajar mahaƙar, ko a zinariyar da aka tabbatar tana ƙasa. Rijiyar Tanami ta cika sharaɗin, babu wanda ya karya doka. Amma babban dalilin tona ta shi ne mahaƙar ta kai bayan 2040 tana aiki. In ba ita ba, kwanan Tanami ya gajarta.

Mahaƙa ba gona ba ce da za a sake shukawa baɗi. Duk ozar da aka fitar ta tafi ke nan, kuma kamfanin da ke fitar da miliyan biyar da rabi a shekara dole ya samo wata miliyan biyar da rabi, ko ya gina ko ya saya, in yana so ya kasance da girmansa bayan shekara goma. Saboda haka yawancin abin da ake kira bunƙasa a manyan kamfanoni maye gurbi ne kawai. AISC yana faɗin kuɗin riƙe ramukan da ake da su a bana. Kuɗin riƙe kamfanin kansa ya wuce nan, kuma shi ne mai hannun jari ke biya.

Bayan jarin bunƙasa sai haraji. Kason gwamnati a kan cinikin zinariya yana cikin AISC, amma harajin riba ba ya ciki. A Gana harajin ribar kamfanonin haƙar ma'adinai kashi 35 cikin ɗari ne, Newmont kuma yana biyan 32.5 a ƙarƙashin yarjejeniyar da yake da ita da gwamnati a lokacin. Wani abin da ake mantawa shi ne kowace ƙasa harajin ribar da aka ci a cikinta take karɓa. Idan mahaƙar Gana ta ci riba, ta Mesiko ta faɗi, Gana ba za ta yi rangwame don a toshe ramin Mesiko ba. Shi ya sa kamfanin ya biya haraji na ɗaruruwan miliyoyin daloli a shekarar da ya rubuta asara.

Ragowar ba sa buƙatar dogon bayani. Kuɗin ruwa na bashi ya haura dala miliyan 200. Kimanin rabin biliyan ya maƙale a harkar yau da gobe, kamar dutsen da aka tara ba a niƙa ba da tsofaffin alƙawura da lokacin biyansu ya yi. Dala miliyan 464 kuma aka rubuta a matsayin ɗawainiyar sayen kamfanin Newcrest da haɗe shi da Newmont. Babu ko ɗaya daga cikinsu a AISC. Wata ƙaramar lura: ninkawar da muka yi da farko ita kanta kintace ce, domin oza miliyan 5.5 ta haɗa da kason kamfanin a Pueblo Viejo, mahaƙar da kamfanin Barrick ke gudanarwa a Jamhuriyar Dominika, wadda ba ta shiga lissafin AISC na Newmont.

A shekarar da ta bar dala miliyan 88, an raba wa masu hannun jari dala biliyan 1.4. Daga ajiya kuɗin suka fito, ba daga cinikin shekarar ba. A rahoton na Fabrairu aka rage rabon daga dala 1.60 a kowane hannun jari a shekara zuwa dala 1.

Asarar da aka rubuta a littafi

Asarar biliyan 2.5 labari ne na dabam, kuma bai kamata a cakuɗa shi da na tsabar kuɗi ba, don yawancinta ba kuɗin da suka fita daga asusu a 2023 ba ne. Abu biyu suka haddasa ta.

Na ɗaya, an zaftare dala biliyan 1.9 daga darajar kadarori. Kusan biliyan 1.2 a kan mahaƙar Peñasquito ta Mesiko, sai wasu ɗaruruwan miliyoyi a kan Musselwhite da Éléonore na Kanada. Dukkan ukun sun zo hannun Newmont ne a 2019, lokacin da ya sayi kamfanin Goldcorp a kan kusan dala biliyan 10. Zaftarewar amincewa ce cewa an saya da tsada. Kuɗin sayen mahaƙa, kamar kuɗin gina ta, ba ya taɓa shiga AISC. Kamfani zai iya sayen mahaƙa mai arahar gudanarwa da ninkin darajarta, AISC ɗinsa ya sauka, kowa ya yaba, alhali masu hannun jari sun yi asara.

Na biyu, an ƙara dala biliyan 1.5 a kan ƙiyasin gyaran wuraren da aka haƙa, mafi yawansa saboda Yanacocha ta ƙasar Peru. Wannan mahaƙa da ke kan tsaunukan Cajamarca ta fara aiki a 1993, kuma ta taɓa zama mafi girma a Kudancin Amurka. Dutsen da aka tono aka jibge yana da sinadarin da idan ruwan sama da iska suka taɓa shi sai ya fitar da ruwa mai tsami, ɗauke da ƙarafa masu guba. Dole a tace wannan ruwa kafin a sake shi zuwa rafukan da mutane ke sha, kuma aikin ba ya ƙarewa ranar da aka daina haƙa. Kamfanin yana gina sababbin matatun ruwa biyu a wurin. Tunda ɓangarorin da abin ya shafa sun daina samar da zinariya, kuɗin ba ya hawa kan AISC na yau. Bai hau kan na jiya ba ma, don a lokacin ba a ƙiyasta shi haka ba. Ozojin da aka sayar shekara ashirin da suka wuce sun fi tsada a kan yadda aka faɗa, sai yanzu takardar biyan ta iso.

Idan aka cire waɗannan da ire-irensu, kamfanin ya ce ribarsa ta shekarar dala biliyan 1.3 ce. Ko wannan lambar da aka yi wa kwaskwarima ba ta kai rabin biliyan 2.8 ba.

Lambar kanta ba ta tsaye wuri ɗaya

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki AISC na bara a riƙe, a ɗora sabon farashi a kai, a ce ga ribar bana. Lambar rabawa ce: kuɗin da aka kashe a sama, ozojin da aka sayar a ƙasa. Duk abin da ya taɓa na ƙasan ya taɓa sakamakon ko da ba a ƙara kashe sisi ba.

A ɗauki misali na ƙirƙira don a ga yadda abin ke aiki. A ce kowane tan na dutse yana ɗauke da giram 2, injin kuma yana iya ƙwato kashi 90 cikin ɗari, wato giram 1.8. Kafin a haɗa oza ɗaya sai an niƙa tan 17 da ɗan kai. Idan kowane tan, daga fasawa zuwa niƙa zuwa duk sauran ɗawainiya, yana cin dala 60, oza ta tashi a kan dala 1,037. Yanzu a ce an shiga wani ɓangare na ramin inda dutsen ke da giram 1.6. Ma'aikata su ne dai, motoci su ne dai, dizal bai tashi ba. Amma oza ta koma buƙatar tan 21.6, kuɗinta ya zama dala 1,296. Ƙarin dala 259 daga ƙasa ya fito, ba daga sakacin kowa ba.

Wannan yana da fuska biyu. Idan farashi ya faɗi, manaja zai iya karkata motoci zuwa inda dutse ya fi maiƙo, ya ɗage sayen sababbin injuna, ya rage yaye ƙasar banza. AISC zai sauka shekara ɗaya ko biyu, rahoto ya yi kyau, amma an cinye tsokar an bar wa na baya ƙashi. Ana gane haka idan aka kwatanta nauyin zinariyar dutsen da aka niƙa a bana da matsakaicin na abin da ya rage a ƙasa, duka biyun suna cikin rahoton shekara. In na bana ya ɗara na ƙasa nesa, arahar ta ɗan lokaci ce. Idan kuma farashi ya hau, sai a yi akasin haka da gangan: dutsen da a da ake zubarwa ya zama mai riba, a tura shi injin, AISC ya hau, jimillar riba ita ma ta hau. Ga kuma kason gwamnati da ke bin farashi. Kashi 5 cikin ɗari na dala 1,900 dala 95 ne, na dala 2,400 kuwa 120. A Gana ma kason da Newmont ke biya a lokacin hawa yake daga kashi 3 zuwa 5 gwargwadon farashi. Don haka hawan AISC a lokacin tsadar zinariya ba kullum ne alamar matsala ba, saukarsa a lokacin faɗuwa kuma ba kullum ne abin murna ba.

A 2023 akwai abin da ya taɓa Newmont ta wannan hanya kai tsaye. Ma'aikatan Peñasquito kimanin dubu biyu sun shiga yajin aiki ranar 7 ga Yuni, ba a sasanta ba sai a Oktoba. Wata huɗu babu haƙa, amma gadi da famfon ruwa da kula da injuna ba su tsaya ba.

Sai batun sauran ma'adinan da ke fitowa tare da zinariya, kuma a nan ne kwatanta kamfani da kamfani ke yaudara. Mahaƙar Cadia, a jihar New South Wales ta Ostireliya, tana fitar da zinariya da jan ƙarfe daga dutse ɗaya. Lokacin da take hannun Newcrest, ana ɗaukar duk kuɗin da aka kashe, a ɗebe cinikin jan ƙarfe daga ciki, a raba ragowar a kan ozojin zinariya. Da jan ƙarfe ya yi tsada a 2021, cinikinsa ya fi ƙarfin duk kuɗin aikin, sai AISC na Cadia ya faɗa ƙasa da sifili. A takarda kamar ana biyan kamfanin ne ya haƙo zinariya. Da Newmont ya karɓe ta a watan Nuwamban 2023, sai ya auna ta da nasa tsarin, wanda ke raba kuɗin aikin tsakanin ma'adinan biyu gwargwadon darajar kowanne. AISC na mahaƙar ya koma sama da dala dubu ɗaya. Rami ɗaya, dutse ɗaya, ma'aikata ɗaya, kuma kuɗin da ke shiga asusu bai canza da ko dala ba. Wanda zai jera kamfanoni biyu ya ce wannan ya fi wancan araha, sai ya fara duba ƙasan shafi ya ga wace hanya kowanne ya bi. Kada kuma a manta, AISC ba ya cikin ƙa'idojin akanta da doka ta wajabta, kamfani ne ke haɗa shi da kansa bisa shawarar ƙungiyar da shi ma memba ne a cikinta.

To me lambar ke da amfani a kai?

Duk da wannan, ba zan ce a yar da ita ba. Akwai tambaya biyu da take amsawa fiye da kowace lamba. Ta farko: farashi zai faɗi zuwa ina kafin ramukan da ake da su su fara cin kuɗi maimakon kawowa? Ga Newmont a 2023 amsar tana wajen dala 1,444, wato zinariya za ta iya zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na farashinta kafin a kai nan. Mahaƙar da nata ya kai 1,800 a wannan farashin tana bakin gaɓa, ƙaramar girgiza ta ishe ta.

Ta biyu: idan farashi ya motsa, da wane ƙarfi rarar za ta motsa? Shekarar 2024 ta ba da amsa a fili. Farashin da Newmont ya samu ya hau zuwa dala 2,408, ƙarin kashi 23 cikin ɗari. AISC ya hau zuwa 1,516, ƙarin kashi 5. Rarar ta tashi daga 510 zuwa 892, ƙarin kashi 75. Farashi ya yi taku ɗaya, rara ta yi uku, kuma da faɗuwa ya yi, da haka za ta bi shi ƙasa da taku uku. Wanda rararsa ta fi ƙanƙanta shi ya fi jin motsin ta kowane gefe, shi ya sa hannayen jarin kamfanoni masu tsadar haƙa suka fi tsalle idan zinariya ta tashi.

Tsabar kuɗin da ta saura ta yi tsallen da ya fi wannan, daga miliyan 88 zuwa biliyan 2.9. Dalilin shi ne kayan da ke wajen AISC, irin su rijiyar Tanami da ginin Ahafo North da kuɗin ruwa, ba sa kumbura don farashi ya hau. Da zarar rarar ta rufe su, abin da ya ƙaru yana wucewa asusu ne, haraji kaɗai ke tare shi a hanya. A 2023 rarar da ƙyar ta rufe su. Hakan na nuna cewa farashin da kamfanin ke buƙata a wannan shekarar don ya tashi babu ci babu asara a tsabar kuɗi bai yi nisa da 1,954 ɗin da ya samu ba: a raba miliyan 88 a kan oza miliyan 5.5, dala 16 ce a kowace oza. Tsakanin wannan da 1,444 akwai tazarar kusan dala 500, kuma ita ce ya kamata mai karatu ya nema a duk rahoton da ya buɗe. Hanyar ba ta da wuya. A ninka rarar AISC da ozojin da aka sayar, a je shafin shige da ficen tsabar kuɗi a ɗauki abin da ayyuka suka kawo, a ɗebe duk jarin gine-gine da injuna ba tare da kula da sunan da aka ba shi ba, sannan a kwatanta. In aka yi haka shekara uku ko huɗu a jere, za a ga kashi nawa na rarar ke isowa gida a wannan kamfanin.

Ko a shekara mai kyau kamar 2024, ba duka ke isowa ba. Oza miliyan 6.8 sau dala 892 ya kai wajen biliyan 6, abin da ya saura kuma biliyan 2.9 ne, ƙasa da rabi. Ƙarin ozojin ma da Newcrest ya kawo da sababbin hannayen jari aka biya su, yawansu ya tashi daga kusan miliyan 800 zuwa sama da biliyan 1.1, don haka masu rabon sun ƙaru.

Kasuwa ta san wannan lissafin, shi ya sa take sa ido a kan lambar duk da ta san iyakarta. A ƙarshen Oktoban 2024, zinariya tana kafa sabon tarihi sama da dala 2,700, Newmont ya sanar cewa AISC ɗinsa na watannin Yuli zuwa Satumba ya kai dala 1,611, sama da abin da masu nazari suka zata. A waɗannan watanni uku ya sayar da oza a kan dala 2,518, rarar ta haura 900, kusan ninki biyu na ta 2023. Duk da haka, washegari hannun jarinsa ya faɗi da kusan kashi 15 cikin ɗari a yini ɗaya, domin masu saye sun riga sun biya kuɗin rarar da ta fi wannan, kuma shugabannin kamfanin sun nuna cewa kuɗin haƙar ba zai sauko da wuri ba.